Rahoton Miƙa Aiki a Ɗakin Jinya: Nazari a kan Tsarinsa da Kalmominsa

Rahoton da nas take rubutawa idan za ta tashi daga aiki, amfaninsa shi ne ya sa wadda ta karɓe ta ta san abin da za ta yi cikin awannin da ke tafe ba tare da ta koma neman bayani ba. Da wannan ma'auni ya kamata a auna shi. Rahoto yakan yi tsawo, rubutun ya yi kyau, amma a karanta shi har ƙarshe ba a ga aikin da ke jira ba.

Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne SBAR, wanda asibitocin Kaiser Permanente na Amurka suka aro daga sojojin ruwa wajen shekarar 2002, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar amfani da shi a 2007. Yana farawa da halin da maras lafiya take ciki yanzu, sai tarihin da ya kawo ta nan, sai fahimtar nas game da abin da ta gani, sannan abin da ake so a yi. Hikimar jerin ita ce mai karatu ya fara cin karo da abin da ya fi gaggawa. Amma tsari kaɗai ba ya wadatarwa, domin ana iya cika gurbi huɗun da kalmomin da ba su ɗauke da komai.

A ɗauki misalin mai jego da ta yi jijjiga, ana yi mata allurar magniziyam salfet bisa tsarin Pritchard. Bayan allurar farko, ana ba ta giram 5 a ɗuwawu kowace awa huɗu, ana sauya ɓangare, har awa 24 bayan haihuwa ko bayan jijjigar ƙarshe, duk wadda ta zo daga baya. Kafin kowace allura sai an tabbatar numfashinta ya kai 16 a minti, gwiwarta tana zabura idan an buga, fitsarinta kuma bai gaza mililita 30 a awa ba. Dalili kuwa, ƙoda ce ke fitar da maganin. Idan fitsari ya ja baya sai ya taru a jini, zaburar gwiwa ta fara ɓacewa, daga nan numfashi ya raunana.

Da ƙarfe 8 na dare nas ta rubuta: "Gado na 6, tana samun sauƙi, tana fitsari, a ci gaba da magani." Babu ƙarya a ciki, sai dai nas ɗin dare za ta yi allura ta gaba hankali kwance. Ga yadda ya kamata ya kasance: "Gado na 6, fitsarinta yana raguwa alhali tana kan magniziyam salfet. Jijjigar ƙarshe 1:00 na rana, ta haihu 4:00 na yamma. Allurar ƙarshe 6:00 na yamma, ɗuwawun dama. Fitsari mililita 200 daga 2:00 zuwa 6:00, mililita 40 daga 6:00 zuwa 8:00. Numfashi 20 da ƙarfe 6:00, 17 yanzu. Gwiwa tana zabura. Awon jini 150/100. Ina tsoron maganin ya taru. An sanar da likita 7:50, bai riga ya zo ba. Kada a yi allurar 10:00 sai an sake auna numfashi, gwiwa da fitsari. Kalsiyam gulukonet giram 1 yana kan tiren gefen gadonta."

Bambancin rahotannin biyu yana ga lokaci. Numfashi 17 shi kaɗai lafiya ne, amma 17 da ya biyo bayan 20, tare da fitsarin da ya sauko daga 50 zuwa 20 a awa, yana nuna inda aka dosa. Haka nan "an sanar da likita" rabin zance ne muddin ba a faɗi ƙarfe nawa ba, da ko ya zo, domin kowace daga cikin nas ɗin biyu za ta iya ɗauka ɗayar ce ke bibiyarsa.

Gajerce suna ma yana da tarkonsa. Tun 2004 hukumar Joint Commission ta hana asibitocin da take tantancewa rubuta MgSO4 da MSO4, saboda ana rikita magniziyam da mofin, ta kuma hana rubuta 5.0 domin idan ɗigon ya ɓace sai a karanta 50.

Akwai kuma aibin da tsari ba ya kamawa, wato kwafe rahoton da ya gabata. Ana gane shi idan adadi ɗaya ya yi ta maimaituwa daga safe har dare ba sauyi. Maganinsa a karanta rahoton a bakin gado, mai karɓar aiki ta ɗaga jakar fitsari ta duba da idonta, ta ƙirga numfashi, sannan ta maimaita wa mai tafiya lokacin allura ta gaba da sharuɗɗanta kafin ta sa hannu.