Wa'adin saƙo a rumbun nazari: me ya sa goge suna ba ya wadatarwa

Duk ma'aikatar da ke karɓar saƙonnin jama'a, ko gidan rediyo ne, ko ƙungiyar agaji, ko kamfanin sadarwa, kan ajiye su a wuri biyu. Akwai rumbun aiki na yau da kullum, inda saƙo ke sauka a karanta shi, a ba shi amsa. Akwai kuma rumbun nazari, inda ake zuba kwafin komai don a ƙirga, a kwatanta, a gano abin da ya fi damun mutane a wannan wata. Hujjar wannan maƙala ita ce, haɗarin da ke fuskantar sirrin mai saƙo ya fi yawa a rumbu na biyu, kuma ba a lokacin gogewa ake magance shi ba. Tun ranar da za a zuba bayanin ya kamata a yanke abin da zai shiga da ranar da zai fita.

Dalili kuwa yana cikin yadda aka gina rumbunan biyu. An tsara rumbun aiki don a gyara layi ɗaya ko a cire shi cikin sauƙi. Shi kuwa rumbun nazari an gina shi ne don a riƙa tara masa, a karanta miliyoyin layuka a lokaci guda. Daga tebur na asali ake ciro wasu tebura, daga su a ciro rahoton mako, wani ma'aikaci kuma ya sauke nasa kwafin a kwamfutarsa don ya yi aiki a gida. Saƙo ɗaya yakan zama biyar ko shida ba tare da wani ya yi nufin haka ba.

Bari mu ɗauki misalin da muka ƙaga don bayani. Gidan rediyo yana da shirin lafiya na mako-mako, masu sauraro na aiko tambayoyi ta waya. Kowane saƙo yana zuwa da abubuwa huɗu: lambar waya, sunan da mai saƙo ya bayar, lokacin aikowa, da rubutun kansa. Abin da shugabannin gidan ke son sani kaɗan ne: saƙo nawa ya shigo, daga wace jiha, kan wace cuta, kuma mutum nawa ne ke sake aikowa. A cikin tambayoyin nan huɗu babu wadda ke buƙatar suna. Ta ƙarshe ce kaɗai ke buƙatar wata alama da za ta nuna cewa mai saƙon yau shi ne na makon jiya. Duk da haka, abin da aka saba yi shi ne a kwashe teburin ɗungurungum a zuba, don shi ya fi sauƙi, kuma don "wataƙila a buƙace shi nan gaba".

Wannan "wataƙila" ita doka ta ƙi. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018, ta tanadi a sashe na 5 cewa a tattara abin da manufa ke buƙata kawai, kuma kada a riƙe shi a sigar da za a gane mai shi fiye da lokacin da manufar ke buƙata. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗauki wannan ƙa'ida a sashe na 24, ta kuma sa bayanin lafiya, addini, ƙabila da ra'ayin siyasa a rukunin da ke buƙatar kariya ta musamman. Dokokin biyu ba su yanke wa irin wannan saƙo adadin kwanaki ba. Sun bar wa mai rumbu ya yanke, ya kuma iya kare abin da ya yanke. A ƙarshen 2019 hukumar kare bayanai ta Berlin ta ci tarar kamfanin gidajen haya na Deutsche Wohnen Yuro miliyan 14.5, saboda yana ajiye takardun 'yan haya a wani tsarin adana da ba a tanadi hanyar gogewa a cikinsa ba. Kamfanin ya ƙalubalanci tarar a kotu, shari'ar ta ɗauki shekaru. Abin lura dai shi ne, ba a kan satar bayanai aka ci tarar ba, a kan yadda aka gina ma'ajiyar ne.

Matakin farko da masu rumbu kan ɗauka shi ne su cire suna, su mayar da lambar waya wasu dunƙulallun haruffa ta hanyar lissafi irin SHA-256, sannan su ce bayanin ya zama na ba-kowa. Wannan kuskure ne, kuma ana iya nuna shi da ƙidaya. Lambar wayar salula a Nijeriya tana da alƙaluma 11, kuma kusan duka suna farawa da 070, 080, 081, 090 ko 091. Bayan waɗannan ukun, alƙaluma takwas suka rage, wato lambobi miliyan 100 ga kowane mafari, jimilla kusan miliyan 500. Kwamfuta ta gama-gari za ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta dunƙule kowace, ta kwatanta da abin da ke rumbu, ta gama cikin mintuna. Haka aka yi a 2014 da bayanan tafiye-tafiyen tasi na birnin New York, kimanin miliyan 173, inda aka dunƙule lambobin lasisi da MD5, wani injiniya ya warware su don tsarin lambobin sananne ne. Gyaran shi ne a yi amfani da HMAC, wato a haɗa lambar da wani mabuɗi na sirri kafin a dunƙule, a ajiye mabuɗin nesa da rumbun nazari. In ana sauya mabuɗin duk wata uku, za a san mai maimaita saƙo a cikin zango ɗaya, amma ba za a iya bin sawun mutum shekara da shekaru ba. Ko da an yi haka, a idon dokar Turai bayanin yana nan a matsayin na mutum muddin mabuɗin na nan.

Babbar matsalar tana cikin rubutun kansa, kuma a nan ne al'adarmu ta shigo. Bahaushe ba ya aika saƙo rediyo ba tare da ya gabatar da kansa ba. Zai ce daga wane ne, mai shayi a bakin tasha, unguwa kaza, ƙaramar hukuma kaza. Sau da yawa zai ƙara da gaisuwa ga maiɗakinsa da abokansa da sunayensu. Sannan ya zo kan tambayarsa: matarsa ta yi ɓari sau biyu, ko ƙaninsa na shan ƙwaya. Ko an goge gurbin suna a tebur, sunan na nan a cikin jimla, tare da sana'a da unguwa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne matar da ƙanin. Shi mai saƙo ya zaɓi ya yi magana, su kuwa ba wanda ya tambaye su, ba su ma san cewa ciwonsu na zaune a wani rumbu ba, balle su nemi a goge.

An ga ƙarfin rubutu wajen tona mai shi a watan Agusta na 2006, lokacin da kamfanin AOL ya saki kalmomin bincike kimanin miliyan 20 na mutane fiye da 650,000 don amfanin masu nazari. An cire sunaye, an ba kowa lamba. Cikin 'yan kwanaki 'yan jaridar New York Times suka gano wata dattijuwa a jihar Georgia daga abubuwan da ta bincika kawai, suka je har gidanta. Kamfanin ya janye bayanan, amma an riga an kwafe su. Waɗancan gajerun kalmomi ne na bincike. Saƙon da mutum ya zauna ya rubuta da kansa ya fi su tona asiri nesa ba kusa ba.

Ana iya cewa a sa manhaja ta riƙa tsince sunaye daga rubutu kafin a zuba. Tana rage ɓarna, amma ba abin dogaro ba ce a Hausa. Sunaye da yawa kalmomi ne na yau da kullum: Talata, Laraba, Asabe da Ladi daga ranaku suke, Dogo da Baƙo da Sarki ma kalmomi ne na kullum, kuma mai rubutu a waya ba ya damuwa da babban baƙi. Ko an cire sunan, "mai shayin bakin tasha" a ƙaramin gari mutum ɗaya ne.

Saboda haka a misalinmu tsarin da ya dace shi ne a rarrabe saƙon tun yana rumbun aiki. A sa masa rukuni, misali haihuwa ko zazzaɓin cizon sauro, a sa jiha da mako, sannan waɗannan kaɗai su wuce tare da dunƙulalliyar alamar. In lallai masu nazari na buƙatar karanta rubutu don su tabbatar rarrabewar na daidai, a ba rubutun teburinsa daban, a taƙaita masu shiga, a kasa shi kwana-kwana, a ɗora masa wa'adi. A BigQuery umarnin gajere ne:

```sql
ALTER TABLE nazari.sakonni
SET OPTIONS (partition_expiration_days = 90);
```

Kwana 90 ba doka ba ce, zango ɗaya ne na shirye-shirye, kuma wani gidan zai iya kare 30 ko 180. Amfanin umarnin shi ne gogewar ba ta jiran wani ya tuna. Sai dai a san iyakarsa. BigQuery na riƙe abin da aka goge har kwana bakwai don a iya dawo da shi, sannan wasu bakwai na ko-ta-kwana. Snowflake ma yana da irin wannan, kuma a wasu matakansa ana iya tsawaita shi zuwa kwana 90. Wanda ya yi wa jama'a alƙawarin kwana 90 bai lissafa waɗannan ba ya faɗi abin da ba haka yake ba. Umarnin kuma bai taɓa teburan da aka ciro daga wannan ba, bai taɓa kwafin ajiya ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a aika saƙon gwaji ɗauke da wata kalma da ba ta cikin kowane harshe, bayan wa'adi ya cika a neme ta a kowane tebur, kowane rahoto, kowane kwafin ajiya. Duk inda ta ɓullo, nan ne saƙonnin gaske ma ke maƙale.

Ƙidayar da ta rage ma tana buƙatar kula. Rahoton da ya ce saƙo ɗaya kan cutar ƙanjamau ya zo daga wani ƙauye a makon nan ya kusa nuna mutum da yatsa. Don haka ake haɗe ƙananan gurabe, ƙasa da biyar ko goma, a cikin yanki mafi girma.

Akwai suka mai nauyi ga wannan matsayi. Saƙonnin jama'a taska ce ga masanin harshe da masanin tarihi. Wanda zai so sanin yadda talaka ya yi maganar tsadar rayuwa a wata shekara zai yi baƙin cikin jin an goge su. Na yarda da darajarsu. Amma wanda ya aiko tambaya kan ɓarin matarsa amsa yake nema, bai ba da ita don a adana wa masu bincike ba. In ana son taskar tarihi, a gina ta da sunanta: a gaya wa masu aikowa, a nemi yardarsu, a zaɓi abin da zai shiga, a sa mai kula da ita da ƙa'idar wanda zai karanta. Rumbun nazari ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma a yawancin ma'aikatu duk wanda ke haɗa rahoton mako yana da izinin buɗe shi.