Dalilin da ya sa ƙarfen nama ya fi na wake da ganye shiga jiki

Jama'ar Tenhya, Tanout, Belbeji da ƴan uwanmu da ke nesa da gida, akwai tambayar da ake yawan yi a Damargu: mace mai ciki tana cin wake da miyar ganye kullum, amma ta je awo a ce mata jininta bai kai ba. To ina matsalar take?

Jiki yana buƙatar sinadarin ƙarfe don ya yi jan jini. Sai dai yawan ƙarfen da ke cikin kwano daban, wanda hanji ke iya ɗauka daban. Ƙarfen abinci iri biyu ne.

Na farko ana kiransa hem, yana cikin nama, hanta, kaza da kifi. Shi wannan a naɗe yake cikin wani zobe irin wanda ke cikin jininmu, hanji kuma yana ɗaukarsa da zoben nasa gaba ɗaya, don haka sauran abinci ba sa cika tare masa hanya. Jiki kan samu kashi 15 zuwa 35 cikin ɗari nasa.

Na biyu shi ne na wake, hatsi, zogale, kuka da tafasa. Shi a tsirara yake zuwa. Sai tsamin ciki ya narkar da shi, ya sauya masa kama, kafin ya wuce ta bangon hanji. Kafin nan, duk abin da ya riga kama shi ya tafi da shi bayan gida. Shi ya sa jiki ke samun kashi 2 zuwa 20 kawai.

Masu kama shi kuwa muna tare da su kullum. Akwai fitat, wanda ke cikin wake da dusar hatsi da dawa. Akwai tanin, abin nan mai bauri na shayi: shayi mai kauri a kan abinci yana iya rage fiye da rabin ƙarfen da za a samu. Nono ma, duk da amfaninsa, ƙarfensa kaɗan ne ƙwarai, kuma kalsiyom ɗinsa yana rage ɗaukar ƙarfe. Wannan ya shafi makiyayanmu musamman, domin a ruga nono ake sha kullum, yanka kuwa sai da dalili, kamar suna ko sallah.

Mu yi lissafi a matsayin misali. Dafaffen wake giram 200, wato kwano madaidaici, yana da ƙarfe kusan miligiram 5. In jiki ya ɗauki kashi 5 cikin ɗari, an samu kwatan miligiram ke nan. In aka bi shi da shayi nan take, abin ya dawo wajen kashi ɗaya cikin goma na miligiram. Dafaffen naman sa giram 100 kuwa ƙarfensa kusan miligiram 2 da rabi ne, rabin na waken, amma jiki kan iya samun kusan rabin miligiram daga gare shi. Ku kwatanta da buƙata: namiji babba miligiram 1 yake so ya shiga jininsa a rana, mace mai al'ada ɗaya da rabi zuwa 2, mai tsohon ciki kuwa wajen 5.

Ba mu ce a bar wake ba, tunda ba kowane gida ke da halin nama ba. Dabarar ita ce a buɗe wa ƙarfensa hanya. Bitamin C yana riƙe shi a narke: a matsa lemun tsami bayan an sauke tukunya, ko a yanka ɗanyen tumatir, ko a sha jiƙon garin ƴaƴan kuka tare da abincin. Doguwar dahuwa tana kashe bitamin ɗin, shi ya sa ake sa shi a ƙarshe. Ɗan nama ko busasshen kifi a miya, ko da yanka biyu uku ne, yana ƙara wa jiki ɗaukar ƙarfen waken ma. Barin gasara ta yi tsami kafin a dama koko, ko barin hatsi ya yi tsiro, yana rage fitat. Shayi kuma a jinkirta shi aƙalla awa ɗaya bayan cin abinci.

Amma abinci yana da iyakarsa. Zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki da zubar jini wajen haihuwa duk suna rage jini, kuma nama kaɗai ba ya maganinsu. In kun ga cikin fatar ido ko tafin hannu ya yi fari, ga kasala, jiri da haki a kan ɗan aiki, ku je likita a auna jinin. Mai ciki da aka ba ƙwayoyin ƙarin jini wajen awo ta sha su da ruwa, ba da shayi ko nono ba. In bayan gidanta ya yi baƙi kada ta tsorata ta daina, aikin ƙwayar ne.