Ƙidayar jama'a a Kamaru: abin da tarihinta ke gaya wa mazauna Briqueterie

Sau uku gwamnatin Kamaru ta ƙidaya jama'arta kaf tsakanin samun 'yancin kai da shekarar 2005. A watan Afrilun 1976 an sanar da mutum 7,663,246, a 1987 aka sami 10,493,655, a watan Nuwamban 2005 kuma 17,463,836. Birnin da muke zaune a ciki ya fi ƙasar saurin bunƙasa nesa ba kusa ba, domin Yaounde ta tashi daga mutum 313,706 zuwa 649,252, sannan ta kai 1,817,524 a waɗannan ƙidayoyi uku. A cikin waɗannan alƙaluma akwai kakanninmu da iyayenmu da mu kanmu, akwai kuma waɗanda suka kwana a unguwar nan amma alƙalami bai hau kansu ba. Labarin waɗannan na ƙarshe shi ne ya fi shafarmu.

Tsoron da dattawanmu ke yi wa mai ƙirga yana da asali. Hausawa fatake sun iso Yaounde tun zamanin Jamus, waɗanda suka kafa sansaninsu a nan wajen 1889, unguwarmu kuma ta samo sunanta daga wurin gasa tubali da aka yi a wannan gefen gari. Da Faransa ta karɓi mulki bayan yaƙin duniya na farko, ƙidayarta ta jami'in mulki ce: yakan tara jama'a gaban sarki ko mai unguwa, a rubuta sunan kowane magidanci da mutanen gidansa. Daga wannan littafi ake yanka kuɗin kai, daga cikinsa kuma ake ɗibar majiya ƙarfi zuwa aikin tilas, irin wanda aka yi a shimfiɗa layin dogo da ya iso Yaounde a 1927. 'Yan uwanmu na Kano da Katsina sun san irin wannan a haraji da jangali. Saboda haka magidanci mai wayo a wancan zamani shi ne wanda ya rage yawan mutanen gidansa. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya ja da baya.

Amma ko a wancan lokaci akwai ƙirgar da ta ceci rayuka. A shekarun 1920, likita Eugène Jamot, wanda ya yi sansani a Ayos, ya yaƙi ciwon barci ta hanyar bin ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya ana duba kowa da kowa. Jerin sunayen mutanen ƙauye ne ke nuna masa wanda aka duba da wanda ya ɓuya. Tarihin Musulunci ma ya san wannan fuska ta ƙirga, domin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya kafa diwani, aka rubuta mutane ƙabila-ƙabila don kowa ya sami rabonsa daga baitulmali. Ashe ƙirga iri biyu ce, ta karɓa da ta rabawa. Ƙidayar zamani ta fi kusa da ta biyun, dokar ƙasa kuma ta hana a yi amfani da amsar mutum ɗaya wajen binsa haraji ko gurfanar da shi.

Aikin ƙidaya yana farawa tun kafin kowa ya yi sallama a ƙofar gida. Hukumar BUCREP, wadda aka kafa a 1999, takan fara da zana taswira, ta yanka kowace unguwa gunduwa-gunduwa, yadda ma'aikaci ɗaya zai iya gama gunduwarsa cikin kwanakin da aka ɗiba. Abin da ma'aikacin ke nema shi ne iyali, wato mutanen da ke kwana wuri ɗaya, suna ci daga tukunya ɗaya, ƙarƙashin shugaba ɗaya. A kowane iyali yakan raba mutane uku: mazaunin da ke nan, mazaunin da ya yi tafiya zai dawo, da baƙon da ya zo wucewa. Ana ƙirga duk mazaunin ƙasa, ɗan Kamaru ne ko ɗan Nijar ko ɗan Najeriya, domin rijiya da asibiti ba sa tambayar fasfo kafin su cika.

A nan ne tsarin zamanmu ke ba ma'aikaci wahala. Ƙofa ɗaya a Briqueterie tana iya buɗewa zuwa tsakar gida mai iyali shida ko bakwai, da mai gida da 'yan haya. Idan ma'aikaci ya tsaya a zaure ya ɗauki bayanin mai gida kaɗai, sauran sun ɓace. Akwai almajiran da ke kwana a gidan malam, shi yana ganin ba 'ya'yansa ba ne, iyayensu kuma a can gida suna ganin sun bar hannunsu. Akwai saurayin da ke kwana a shagon tela, da ɗan kasuwar da ya tafi Garwa ko Kuseri sarin kaya. Akwai matan da ba a shiga wurinsu idan mai ƙirga namiji ne. Akwai jaririn da ba a yi sunansa ba, wanda sau da yawa ba a ambatonsa. Ga kuma kunyar ɗan fari, da al'adarmu ta ƙin faɗin yawan 'ya'ya don gudun baki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙaramin rami ne, amma taruwarsu babban giɓi ce.

Masana ƙidaya sun san ana tsallake mutane, suna kuma da hanyar ganewa. Bayan an gama, sukan zaɓi wasu gunduwoyi su sake ƙirga su da wasu ma'aikata dabam, sannan a gwada sunaye da sunaye. A 1976 waɗanda aka rubuta a zahiri kimanin miliyan 7.1 ne, gyaran da aka yi ne ya kai adadin miliyan 7.6 da ɗoriya. Sai dai irin wannan gyara ana yinsa ne a kan manyan yankuna. Yana iya daidaita jimillar ƙasa, amma ba ya mayar wa unguwa guda ainihin mutanen da ta rasa. Wata alamar kuskure kuma tana cikin shekaru. Inda mutane ba su da takardar haihuwa, sai a ga masu shekara 30 da 40 sun yi tsiri, masu 29 da 41 sun yi ƙaranci, domin kowa yana faɗin adadin da ya fi sauƙi a baki. Idan wannan ya faɗa kan yara, ɗan shekara 6 aka rubuta shi 5, lissafin makaranta ya karkace.

Bari mu buga misali da alƙaluman da muka ƙaddara don sauƙin fahimta. A ce wata unguwa tana da mutum 30,000, aka tsallake ɗaya cikin goma, takarda ta nuna 27,000. Idan yara 'yan shekara 6 zuwa 11, wato na firamare, su ne kashi ɗaya cikin shida, gaskiyar yawansu 5,000 ne, amma jami'in ilimi zai ga 4,500. Yara 500 ke nan babu su a lissafi. In aka ce aji yana ɗaukar 60, an rasa hujjar neman aji takwas da malamansu da bencinansu. Yaran kuwa za su zo, musamman tun da aka soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati a 2000, sai a cusa su cikin ajujuwan da ke akwai.

Haka lamarin yake a fannin lafiya. An raba ƙasar zuwa gundumomin lafiya, tamu tana ƙarƙashin Cité Verte, kuma daga yawan jama'a ake fitar da adadin jariran da za a yi wa rigakafi. Idan a unguwar misalinmu ana samun jarirai 35 cikin kowane mutum dubu a shekara, za a shirya wa 945, alhali 1,050 ne za su zo. Ma'aikacin lafiya mai lura yakan gane matsalar idan rahotonsa ya nuna an yi wa fiye da ɗari bisa ɗari allura. Wannan ba zai yiwu ba sai in adadin da aka ba shi tun farko ya gaza, ko kuma mutanen wata unguwa ne ke zuwa wurinsa. Haɗarin shi ne a ɗauka an gama da kowa, alhali akwai yaran da ba a kai gare su ba, daga nan kuma ƙyanda ke samun ƙofa.

Hanya da magudanar ruwa suna bin kuɗi, kuɗin kuma yana bin ƙirga. Asusun FEICOM, wanda aka kafa a 1974, yana tara wani kaso na harajin ƙasa ya raba wa ƙananan hukumomi, yawan jama'a kuma yana cikin manyan ma'aunan rabon. Duk mutumin da aka tsallake a Briqueterie ragi ne a rabon Yaounde ta Biyu, shekara bayan shekara. Taswirar ƙidaya ce kuma ke nuna inda jama'a suka fi cunkoso, irin gangaren da ke sauka zuwa rafukan Ekozoa da Abiergue, inda damina ke gwada ƙarfin kowace kwata. Ba mu ce adadi kaɗai ke zuba kwalta ba, akwai siyasa, akwai ƙarancin kuɗi, akwai son kai. Amma wakilin da ya je neman hanya ba shi da adadi a hannu, roƙo kawai ya je yi.

Babban rauni a tarihin ƙidayarmu shi ne jinkiri. Majalisar Ɗinkin Duniya tana ba da shawarar a ƙirga duk shekara goma. Kamaru ta yi shekara 18 tsakanin ta biyu da ta uku, sakamakon 2005 kuma bai fito ba sai a watan Afrilun 2010. An ba da umarnin ƙidaya ta huɗu a 2015, shekaru suka yi ta wucewa ba a fita ba. A irin wannan tsakani ana aiki da kintace: a ɗauki tsohon adadi a riƙa ƙara masa wani kaso kowace shekara. Tsakanin 1987 da 2005 ƙasa baki ɗaya ta riƙa ƙaruwa da kimanin kashi 2.8 cikin ɗari a shekara, wato gudun da ke ninka jama'a cikin shekara 25, ita kuwa Yaounde ta yi gudu ninki biyu na wannan. Kintacen da aka ɗora kan adadi mai giɓi yana girma tare da giɓinsa, kuskuren mako biyu ya zama na shekara ashirin. Duk da haka Kamaru ba ta kai ga abin da ya faru a Najeriya ba, inda rigimar yanki ta sa aka soke ƙidayar 1962 da ta 1973.

Saboda haka duk ranar da mai ƙirga ya yi sallama, aikin da ke kanmu sananne ne. Mai gida ya nuna kowace ƙofa ta 'yan haya. Malam ya lissafa almajiran da ke kwana a wurinsa. A ambaci matafiyi da jariri ko da bai kwana bakwai ba, a fito da takardun haihuwa inda suke. Masu unguwanni da limamai su nemi a sa mata da masu jin Hausa cikin ma'aikata, domin su ne za su iya wuce zaure. Kakanninmu sun ɓoye mutanensu don su kare su daga kuɗin kai da aikin dole, kuma sun yi daidai da zamaninsu. A namu zamanin, yaron da aka ɓoye wa mai ƙirga shi ne zai zauna a ƙasa cikin aji.