Yadda ake saukaka nauyin allon bayanai mai jinkirin buɗewa

Allon bayanai shafi ne na kwamfuta da ke nuna alƙaluma cikin zane da jadawali, irin wanda ake haɗawa da manhajar Tableau ko Power BI. Idan layukan bayanan da ke ƙarƙashinsa suka kai miliyoyi, yakan yi nauyi, domin kowane zane da ke kansa yana aika tambayarsa zuwa rumbun bayanai duk lokacin da aka buɗe shi ko aka canza zaɓi.

Kafin a gyara, sai an auna. A Power BI, `Performance analyzer` yana nuna tsawon lokacin da kowane zane ya ɗauka. Sau da yawa zane ɗaya ko biyu ne ke jawo jinkirin.

Mataki na farko shi ne kwafo bayanan a matse su, maimakon a riƙa tuntuɓar rumbun kai tsaye. Tableau na kiran wannan kwafi `Extract`, Power BI kuma `Import`. Illarsa ita ce alƙaluman kan tsaya a kan sabuntawa ta ƙarshe, don haka ya kamata a rubuta ranarta a saman allon.

Mataki na biyu, wanda ya fi tasiri, shi ne dunƙule layuka. A ɗauka cewa wani ofishi yana da layi miliyan biyar na rabon takin zamani a Jihar Kano, kowane layi ciniki ɗaya, har da na manoman rani na Watari a ƙaramar hukumar Bagwai. Shugaban ofishin jimillar kowace mazaɓa a wata kawai yake nema. Mazaɓu 484 ne a jihar. A ninka da wata 12 da nau'in taki biyar, layukan ba za su wuce 29,040 ba.

```sql
SELECT mazaba, wata, taki, SUM(buhu)
FROM rabo
GROUP BY mazaba, wata, taki;
```

Sai dai dunƙulewa tana da tarko. Jimillar buhuna tana haɗuwa daidai, amma adadin manoma ba ya haɗuwa. Manomin Watari da ya karɓi taki a Janairu, ya sake karɓa a Yuni, zai fito sau biyu idan aka tara watanni. Alamar kuskuren ita ce adadin shekara ya zarce na rajista. Irin wannan lissafi daga asalin layukan ake ciro shi.

Mataki na uku shi ne rage zane. Allo mai zane ashirin yana aika tambayoyi ashirin ko fiye a duk dannawa. A bar kaɗan da ake dubawa kullum a shafin farko, a mayar da jerin sunayen manoma shafi na daban wanda ba ya buɗewa sai an zaɓi mazaɓa. Bayan kowane gyara a sake aunawa, a kuma gwada jimillar da ta asalin rumbun.