Rijiyoyin da Ke Ɓacewa a Taswira: Gwajin GeoServer a Kan Shimfiɗar Rigachikun

Gabatarwa

Masu aikin taswira da yawa suna ɗaukar launi a matsayin ado, abin da ake yi bayan an gama aiki. Wannan maƙala ba ta yarda da haka ba. GeoServer, wanda aka fara a 2001, yana miƙa taswira ta ƙa'idar WMS a matsayin hoto, kuma ƙa'idojin SLD ne ke yanke abin da zai fito a hoton. Ɗigon da bai dace da ko ɗaya daga cikinsu ba, ba a zana shi sam.

Hanyar bincike

An tsara shimfiɗar gwaji ta rijiyoyin burtsatse a Rigachikun, ƙaramar hukumar Igabi, kan hanyar Kaduna zuwa Zariya. An buɗe Workspace da Store na Shapefile, aka danna Publish, aka sa EPSG:32632 a Declared SRS domin garin yana yanki na 32, sannan Compute from data. Gurbin `hali` yana ɗauke da `aiki`, `lalace` ko `ƙafe`, kowanne da launinsa.

Sakamako

A Layer Preview, ɗigogin `aiki` da `lalace` sun fito tsaf, amma rijiyoyin da suka ƙafe babu ko ɗaya. Validate bai yi ƙorafi ba, domin tsarin rubutun kawai yake dubawa.

Dalilin yana cikin fayil ɗin DBF. An adana shi da UTF-8, inda harafin ƙ ke cin bayit biyu. Idan babu fayil na .cpg tare da shi, kuma an bar DBF charset a kan ISO-8859-1, sai a karanta bayit biyun nan a matsayin wasu haruffa dabam, PropertyIsEqualTo ya kasa samun `ƙafe`. Haka ma `Lalace` da babban harafi, da gurbin da aka bari fanko, duk sukan faɗi. Mai tsara aikin gyara zai duba taswira ya ɗauka unguwar ba ta da matsala, alhali rijiyoyin da ke neman gyaran ne aka ɓoye masa.

Maganin farko shi ne mayar da charset zuwa UTF-8. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, ƙa'idar ƙarshe ce mai kama duk abin da ya tsere, a ba ta launi mai ɗaukar ido:

```xml
<Rule>
  <ElseFilter/>
  <PointSymbolizer>...</PointSymbolizer>
</Rule>
```

Don tabbatarwa, a nemi jimilla ta WFS da `resultType=hits`, a gwada ta da ɗigogin da ke taswira.

Iyaka

Shimfiɗar ta gwaji ce, ba ƙidayar rijiyoyin garin ba, kuma ba a taɓa PostGIS ba.

Kammalawa

Duk salon SLD da ke rarraba bayanan Hausa ba tare da ElseFilter ba, bai kamata a sake shi ga jama'a ba.