Ƙa'idar Heron: Yadda ake gano girman fili mai kusurwa uku daga tsawon gefunansa kaɗai

Ƙa'idar Heron hanya ce ta lissafi da ke fitar da girman filin da ke cikin alwatika, wato siffa mai gefe uku da kusurwa uku, ba tare da an san tsayinta ba. Abin da ake buƙata kawai shi ne tsawon gefunan uku. Yawancin ɗalibai sun saba da ƙa'idar da ke cewa a ninka rabin gindi da tsayi, amma wanda ya taɓa awon gona ya san wahalarta. Gefen gona iyaka ce da ido ke gani, ana bin ta da igiyar awo. Tsayi kuwa layi ne da babu shi a ƙasa, sai an zana shi daga wata kusurwa ya sauka cak a kan gefen da ke fuskantarta, kuma sau da yawa bishiya ko kududdufi ko gini kan tare hanyarsa.

Yadda ƙa'idar take

A kira gefunan uku a, b da c. Mataki na farko shi ne a haɗa tsawonsu a raba gida biyu. Abin da ya fito shi ake kira rabin kewaye, ana kuma rubuta shi da harafin s:

s = (a + b + c) ÷ 2

Mataki na biyu, a cire kowane gefe daga rabin kewayen, ɗaya bayan ɗaya, a sami ragowa uku. Na uku, a ninka rabin kewayen da waɗannan ragowa uku gaba ɗaya. Na ƙarshe, a nemo lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan sakamako, wadda a na'urar lissafi ake samu da maɓallin √. A taƙaice:

girman fili = √[s(s − a)(s − b)(s − c)]

A ɗauki alwatika mai gefuna mita 13 da 14 da 15. Jimlarsu 42 ce, rabin kewaye 21 ke nan. Ragowar su ne 8 da 7 da 6. Idan aka ninka 21 × 8 × 7 × 6 za a sami 7,056, lambar da kuma ake ninkawa da kanta ta ba da haka ita ce 84. Girman filin murabba'in mita 84 ne.

Ina tsayin ya shiga?

Tsayin bai ɓace ba, yana ƙunshe ne a cikin gefunan. Duk wanda ya ɗaure sanduna uku baki da baki zai ga siffa ɗaya tak suke iya bayarwa, ba ta karkacewa ko an tura ta. Tun da gefuna uku sun tsayar da siffar, sun tsayar da tsayinta da girmanta.

Ana iya ganin haka a misalin da ya gabata. A ɗauki gefen 14 a matsayin gindi, a saukar da tsayi a kansa. Tsayin zai raba gindin kashi biyu, ya kuma raba alwatikar zuwa ƙanana biyu masu kusurwa irin ta lungun ɗaki, waɗanda ƙa'idar Faisagoras ke aiki a kansu. A kira kashin da ke kusa da gefen 13 da x, ɗayan ya zama 14 − x. Tun da tsayi guda ne ya haɗa su, 13² − x² daidai yake da 15² − (14 − x)². Warware wannan yana ba da x = 5, daga nan tsayin ya fito 12, domin 169 − 25 = 144. Rabin gindi, wato 7, sau 12 ya ba da 84, daidai da amsar farko. Idan aka yi wannan aiki da haruffa maimakon lambobi aka tattara shi wuri guda, ƙa'idar Heron ce ke fitowa.

Asalinta

An jingina ta ga Heron, masanin lissafi da ƙere-ƙere da ya rayu a birnin Iskandariyya na Masar, wanda galibin masana ke sanyawa a ƙarni na farko miladiyya. Ya kawo ta tare da hujjarta a littafinsa Metrica. Littafin ya daɗe a ɓace, sai a 1896 aka gano kwafinsa na rubutun hannu a Istanbul. Babban malami Albiruni ya ce Arkimidis ne ya fara gano ta, wanda ya riga Heron da kusan ƙarni uku. A ƙasar Sin, Qin Jiushao ya kawo wata ƙa'ida mai daidai da ita cikin wata siga dabam a littafinsa na 1247. A Indiya kuwa, Brahmagupta ya kawo a shekarar 628 wata ƙa'ida makamanciyarta ta siffa mai gefe huɗu, wadda ke yin daidai idan kusurwoyin huɗu suna kan da'ira guda.

Misalin da Heron ya yi aiki da shi alwatika ce mai gefuna 7 da 8 da 9. Rabin kewayenta 12, sai 12 × 5 × 4 × 3 ya ba da 720, wadda babu cikakkiyar lamba da ke haifar da ita. Ga dabarar da ya bi: ya ɗauki 27, domin 27 × 27 = 729 ita ce mafi kusa. Ya raba 720 da 27 ya sami 26 da biyu bisa uku, sannan ya ɗauki tsakiyar lambobin biyu, 26 da biyar bisa shida, wato kimanin 26.83. Wanda ba shi da na'ura a hannu zai iya bin wannan hanya har yau, kuma kowane maimaici yana ƙara kusantar da amsar.

Awon gona mai gefe huɗu

Gonaki da filaye kaɗan ne ke da kusurwa uku, amma duk filin da iyakokinsa miƙaƙƙu ne ana iya yanka shi zuwa alwatikai. A ce ga gona mai turaku huɗu, A da B da C da D. Daga A zuwa B mita 130, B zuwa C 140, C zuwa D 90, D zuwa A 120. Waɗannan awo huɗu ba su isa ba, domin siffa mai gefe huɗu tana iya buɗewa ko tsukewa ba tare da gefunanta sun sauya ba. Dole a ƙara awo na biyar, a ratsa gonar daga A zuwa C. A ce an sami mita 150.

Alwatika ta farko tana da gefuna 130 da 140 da 150. Rabin kewayenta 210, ragowar 80 da 70 da 60. Ninkinsu duka 70,560,000, wanda ke ba da murabba'in mita 8,400. Ta biyu tana da 90 da 120 da 150. Rabin kewayenta 180, ragowar 90 da 60 da 30, ninkinsu 29,160,000, girmanta 5,400. Gonar gaba ɗaya murabba'in mita 13,800 ce, wato hekta 1.38, tun da hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce.

Akwai gajeriyar hanya da wasu ke bi: su ɗauki tsakiyar gefuna biyu masu fuskantar juna, su ninka da tsakiyar sauran biyun. A wannan gona tsakiyar 130 da 90 ita ce 110, ta 140 da 120 kuma 130, sakamakon 14,300. An ƙara murabba'in mita 500 da babu su a ƙasa, fiye da fuloti guda mai ƙafa 50 a 100, wanda bai wuce murabba'in mita 465 ba. Wannan gajeriyar hanya ba ta taɓa rage girman fili. Ko dai ta yi daidai, idan kusurwoyin huɗu duk tsayayyu ne kamar na ɗaki, ko ta yi ƙari. A ciniki, mai saye ne ke ɗaukar asarar. A rabon gado kuwa, wanda rabonsa ya faɗa a karkataccen yanki shi zai karɓi ƙasa da abin da aka rubuta masa.

Inda ake samun kuskure

Alama ta farko ita ce ɗaya daga cikin ragowar ta fito sifili ko ƙasa da sifili. Gefuna 20 da 30 da 60 suna ba da rabin kewaye 55, wanda bai kai 60 ba. Na'ura za ta nuna kuskure, domin babu alwatika irin wannan: jimlar kowane gefe biyu dole ta zarce na ukun. Idan haka ta faru, awon ne ya kauce, sai a koma fili a sake.

Na biyu ya fi haɗari domin ba ya nuna kansa, shi ne siririyar alwatika. Mai gefuna 100 da 60 da 41 girmanta kimanin 348 ne. Idan mai awo ya karanta 42 maimakon 41, amsar za ta koma kimanin 494, ƙarin fiye da kashi 40 cikin ɗari saboda mita guda. Kuskure irin wannan a alwatikar 130 da 140 da 150, inda aka karanta 151 a gefe na uku, bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Hanyar ganewa ita ce a dubi ragowar uku: idan ɗaya ta yi ƙanƙanta ƙwarai a kan sauran, kada a amince da amsar. Maganinsa shi ne a zaɓi layin ratsawa da zai ba da alwatikai masu ƙiba, kuma kada a taƙaita rabin kewaye zuwa cikakkiyar lamba kafin a gama lissafi.

Na uku shi ne gauraya ma'auni. Idan an auna gefe ɗaya da ƙafa wani da mita, amsar ba ta da ma'ana. A mayar da su ma'auni guda tukuna, a tuna ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce.

Na huɗu ya shafi yanayin ƙasar. Taswirar fili tana nuna girmansa ne a shimfiɗe, don haka igiyar da ta bi gangare ko ta saki a tsakiya tana ba da tsawon da ya wuce gaskiya. A riƙe ta a miƙe, a auna gangare gaɓa-gaɓa. Inda iyaka ta lanƙwasa, kamar bakin rafi, sai a kafa ƙarin turaku a bi lanƙwasar da gajerun layuka, kowanne ya zama gindin alwatikarsa.

Hanya mafi sauƙi ta tabbatar da aiki a gona mai gefe huɗu ita ce a sake ratsa ta daga B zuwa D, a maimaita lissafin da sababbin alwatikai biyu. Idan amsoshin sun yi kusa, awon ya inganta. Idan sun yi nisa, akwai gefen da aka karanta ba daidai ba. Wannan lissafi ya isa a ƙiyasta iri da taki, ko a duba girman da mai sayarwa ya faɗa kafin a biya kuɗi, amma takardar mallakar fili sai da taswirar safiyo mai lasisi.