Dabarar Kosaraju da Sharir ta zagaye biyu

Wannan dabara ce ta ilimin kwamfuta da ake amfani da ita a kan zanen ɗigogi waɗanda kibau suka haɗa, inda ba a bin kibiya sai ta inda ta nuna. Aikinta raba ɗigogin rukuni-rukuni, yadda daga kowane ɗigo za a iya zuwa ga kowane ɗan rukuninsa a kuma dawo.

Robert Tarjan ne ya fara buga mafita mai sauri a 1972, ta zagaye ɗaya tak, sai dai tana da wuyar ganewa. A 1978 S. Rao Kosaraju na Jami'ar Johns Hopkins ya fito da ta zagaye biyu, amma bai buga ta ba. Micha Sharir ya gano ta da kansa, ya buga a 1981. Littafin Aho da Hopcroft da Ullman na 1983 ya danganta ta ga Kosaraju da Sharir, amma sunan Kosaraju ne ya fi bin ta har yau, duk da cewa Sharir ne ya riga kai ta ga mujalla.

A zagayen farko ana kutsawa zurfi, a bi kibiya har hanya ta ƙure kafin a juyo, ana rubuta kowane ɗigo a lokacin da aka gama da shi. Daga nan a juya kan dukkan kibau. Zagaye na biyu yana farawa daga ɗigon da aka gama da shi a ƙarshe, kuma duk abin da aka riska daga gare shi rukuni ɗaya ne; haka ake bin jerin daga ƙarshe, ana tsallake waɗanda aka riga aka ɗauke.

A ɗauki kibau shida: A→B, B→C, C→A, C→D, D→E, E→D. In aka tashi daga A, za a gama da E, sai D, C, B, sannan A. Bayan juyi, daga A ana isa C da B kawai, domin kibiyar da ke fita zuwa D yanzu shigowa take yi. Rukunin farko ke nan. Sai a koma kan D, a tarar an riga an ɗauke C, saura E.

Sirrin yana cikin jerin nan. Da an fara zagaye na biyu daga E, da binciken ya zarce ta D ya kwashe ɗigogi biyar ɗin duka a rukuni guda. Irin wannan sakamako yakan nuna an bi jerin a baibai.

Lokacin aikinta yana ƙaruwa ne daidai da jimillar ɗigogi da kibau, kamar na Tarjan. Bambancin shi ne tana ratsa zanen sau biyu, tana kuma bukatar wurin ajiye juyayyen zanen, shi ya sa ta fi karɓuwa a aji, masu rubuta manhaja kuwa sukan karkata ga ta Tarjan.